KWALLIYAR 'YAN FIM: Me Ya Sa Hoda Ɗaya Take Fito Da Wata, Ta Kashe Wata?

DUK mai kallon finafinan Hausa ya taɓa cin karo da wannan abu ko da bai san sunansa ba. Ga jaruma kyakkyawa, ga sutura ta kece raini, ga labari yana tafiya daidai, amma da kyamara ta matso kusa sai ka ga fuskarta ta yi furu-furu kamar wadda ta fito daga injin niƙa, wuyanta kuwa da hannayenta suna nan da launinsu na asali. Nan take 'yan kallo za su fara tsegumi. Wasu su ce bilicin ta fara, wasu su ce rashin lafiya ta yi, wasu kuma su ɗora laifin a kan mai ɗaukar hoto. Sau da yawa duk ba haka ba ne. Hodar da aka shafa mata ce ba tata ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajen mai sana'a. Furodusa ya kashe kuɗin lokeshin, ya biya 'yan wasa, ya ciyar da ma'aikata, sai an zo wajen tacewa a ga fitowa goma ko ashirin fuskar jarumar ba ta kallo. Ko dai a koma a sake ɗauka, ko a saki fim ɗin a haka, ita kuma 'yar wasan ta kwashi surutun da ba ta ji ba ba ta gani ba. Shi ya sa filin namu na wannan wata ya tsaya a kan tambaya guda: ta yaya ake gane launin da ya dace da fatar mutum da idonsa?

HASKE DABAN, RUWA DABAN

Kuskuren farko da ake yi shi ne auna fata da ma'auni ɗaya tak. Bahaushe ya kan ce wance fara ce, wance wankan tarwaɗa ce, wance baƙa ce, wance kuma cakulet. Duk wannan magana ce ta haske da duhu. To amma akwai ma'auni na biyu wanda masu kwalliya suke kira andaton, wato ruwan da ke kwance a ƙarƙashin launin fata. Domin sauƙi, a nan za a riƙa ce masa ruwan fata.

A jera mata biyu masu duhu iri ɗaya a tsakar gida da hantsi. Idan aka lura da kyau za a ga fatar ɗaya tana ɗaukar ido da wani ruwan zinare ko na zuma, ta ɗayar kuma tana komawa wajen ja mai duhu, irin na ruwan hanta, wani lokaci har da ɗan shuɗi-shuɗi. Ta farko ita ake ce wa mai ruwan ɗumi, ta biyu mai ruwan sanyi. Wadda ba a iya cewa ga inda ta karkata, ita ce 'yar tsaka-tsaki. Sunayen ba su da alaƙa da zafin jiki ko sanyinsa. Masu zane ne suka saba kiran launukan wuta da rana masu ɗumi, launukan ruwa da inuwa kuma masu sanyi.

Abin lura a nan shi ne, ruwan fata ba ya bin haske. Ana samun fara sol mai ruwan ɗumi, ana samun baƙa wuluk mai ruwan sanyi, haka kuma ana samun akasin haka. Dalili kuwa shi ne launin fata haɗin gambiza ne. Akwai sinadarin melanin, wanda wani nau'insa baƙi-baƙi ne wani kuma ja-ja, akwai jan jinin da ke gudana a ƙarƙashin fata, sannan akwai ɗan ruwan ɗorawa. Yadda waɗannan suka haɗu a jikin kowa daban ne. Rana tana iya ƙara wa 'yar wasa duhu bayan mako biyu a lokeshin ƙauye, amma ruwan fatarta yawanci yana nan inda yake.

DAGA INA FANKEKE YA SAMO SUNA?

Ita wannan matsala a masana'antar fim aka fara yaƙi da ita. Lokacin da finafinai masu kala suka fara yaɗuwa a Hollywood a shekarun 1930, kwalliyar da 'yan wasa suka saba da ita mai maiƙo ce, tana ƙyalli, tana kuma kwaso launin duk abin da ke kusa da ita. Sai ka ga fuskar jaruma ta yi kore ko ja saboda labule ko rigar da ke gefenta. Kamfanin Max Factor ne ya fito da wata busasshiyar hoda mai suna Pan-Cake, aka yi amfani da ita a fim ɗin Vogues of 1938, daga baya aka shigar da ita kasuwa. Wannan suna ne ya yi tafiya har ya iso bakin Bahaushe ya zama fankeke.

Sai dai an daɗe ana yin hodar ba tare da tunanin baƙar fata ba. Rashin samun launin da ya dace da 'yan tallan kayanta ne ya sa Eunice Johnson ta fito da kayan kwalliya na Fashion Fair a Amurka a 1973. Iman, shahararriyar 'yar tallan kaya haifaffiyar Somaliya, ta buɗe nata kamfanin a 1994, ita da ta sha haɗa hodar fuskarta da hannunta. A 2017 mawaƙiya Rihanna ta fito da Fenty Beauty da launi 40 a tashin farko, abin da ya sa sauran kamfanoni suka shiga rige-rigen faɗaɗa nasu. Ke nan a yau zaɓi ya yi yawa a kanti. Abin da ya rage shi ne sanin yadda ake zaɓen.

Sanin abin da ke cikin kwalbar yana taimakawa. Kusan duk fandeshan da hoda ana haɗa launinsu ne daga abu huɗu: fari, ruwan ɗorawa, ja da baƙi. Fari da baƙi su ke tsayar da haske ko duhu, ruwan ɗorawa da ja kuma su ke tsayar da ruwa. Idan aka shafa wa mai duhu hodar da ta fi ta haske, farin da ke ciki ne yake hawa kan fatar ya koma toka-toka. Idan mai ruwan zinare ta shafa wadda ja ya yi wa yawa, sai fuskar ta koma kamar jan bulo. Idan kuma mai ruwan sanyi ta shafa wadda ɗorawa ta yi wa yawa, sai ta yi wani fayau kamar mai shawara. Duk wanda ya riƙe alamomin nan uku, da kallo ɗaya zai gane inda aka kuskure.

YADDA AKE GANE RUWAN FATA

Dabarar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce ta duba jijiyar wuyan hannu: wai idan ta yi kore ɗumi ke nan, idan ta yi shuɗi sanyi. A gaskiya wannan dabara ta farar fata ce. A jikin mai duhu jijiyar ba ta fitowa sosai, sai dai a yi ta kirdado. Akwai hanyoyi uku da suka fi ta amfani a wajenmu, kuma duka ana yin su ne da wankakkiyar fuska, a bakin taga ko a inuwar tsakar gida, ba a cikin rana tsaka ba, ba kuma a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba.

Ta farko ita ce gwajin ƙyalle biyu. A samo farin yadi fat da kuma mai ruwan madara, a yafa mata su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin haɓa, tare da rufe gashi da rigar da ke jikinta. Ba ƙyallen ake kallo ba, fuskar ake kallo. Wanda ya dace zai sa fatar ta yi sumul, ido ya fito. Wanda bai dace ba zai fito da baƙin ƙasan ido da tabon ƙuraje. Mai ruwan ɗumi ta fi haskawa a ruwan madara, mai ruwan sanyi ta fi haskawa a fari fat.

Ta biyu ita ce gwajin sarƙa. A sa mata ta zinare, a cire, a sa ta azurfa. Idan zinaren ya narke a jikinta kamar da shi aka haife ta, azurfar kuma ta tsaya daban kamar aro, to ɗumi ne. Idan azurfar ce ta zauna, to sanyi ne. Idan duka biyun sun karɓe ta, 'yar tsaka-tsaki ce. A yi hattara da son zuciya a nan, domin mata da yawa za su zaɓi zinare saboda darajarsa, ba don ya fi yi musu kyau ba. Gara a sa wata ta kalla ta faɗi gaskiya.

Ta uku, wadda ta fi kowace tabbas, ita ce gwajin layi uku. A zaɓi fandeshan uku masu duhu iri ɗaya amma ruwa daban, a ja layi da kowanne daga kumatu zuwa wuya, a kan ƙashin muƙamuƙi. Kada a gwada a bayan hannu, domin hannu ya fi shan rana da wanke-wanke. A jira kamar minti 15, saboda wasu kan ƙara duhu idan suka haɗu da maiƙon fuska da gumi. Layin da ya ɓace, aka neme shi aka rasa, shi ne nata.

A jikin kwalba akan ga harafi kusa da lamba: W na nufin ɗumi, C sanyi, N tsaka-tsaki. To amma ba kowane kamfani ne yake bin wannan ba. A kayan MAC, alal misali, NC na masu ruwan zinare ne, NW kuma na masu ruwan ja-ja, wato kusan akasin abin da mutum zai zata. Saboda haka harafi jagora ne kawai. Fuska ce alƙali.

MISALI DAGA LOKESHIN

A ɗauka ga wata jaruma, wankan tarwaɗa mai ɗan duhu, an ba ta rol ɗin amarya. Za a ɗauki fitowarta biyu a rana ɗaya: kamu da hantsi a tsakar gida, da kuma walima da dare a falo. Mai kwalliya ta zaunar da ita a bakin taga da ƙarfe 8 na safe. Farin yadi ya sa fuskarta ta dushe, ruwan madara ya fito da ita. Zinare ya zauna mata. An gane mai ruwan ɗumi ce.

Sai aka ja layi uku. Na sanyi ya yi ja, aka goge shi. Na ɗumi ya yi kusa amma ya ɗan fi ta haske. Na tsaka-tsakin ya yi daidai a duhu amma ya ɗan kashe mata ruwan zinaren. Babu wanda ya ɓace sarai. A nan ne mai gaggawa take ɗaukar mai hasken, musamman idan jarumar ta marairaice ta ce, "Anti don Allah a ɗan ƙara min haske." Ƙwararriya ba ta yin haka. Sai ta ɗiga biyu daga na ɗumin, ɗaya daga wani na ɗumi da ya fi shi duhu da mataki guda, ta gauraya a kan tsaftataccen faranti, ta sake jan layi. Bayan minti 15 layin ya ɓace. Nan take ta rubuta lambobin kwalaben biyu da ma'aunin, biyu da ɗaya, ta miƙa wa mai kula da kwantinuwiti. Amfanin rubutun shi ne, idan aka dawo ƙarasa fitowar bayan kwana goma, ba za a ga amarya ta shiga ɗaki da fuska ɗaya ta fito da wata ba.

Akwai wani abin da ta lura da shi: goshin jarumar da gefen bakinta sun fi tsakiyar fuskar duhu, abin da ya zama ruwan dare a baƙar fata. Maimakon ta lafta mai haske a wurin, wanda zai koma toka, sai ta fara shafa ɗan abin gyara mai ruwan goro siriri a kan duhun, sannan ta bi da fandeshan. Ruwan goro yana kashe shuɗi-shuɗin da ke cikin duhun, shi ya sa ba a bukatar laftawa.

Kafin darakta ya ce a fara, sai a yi gwajin kyamara, kuma a yi shi sau biyu. Hasken rana fari ne mai ɗan shuɗi, ana ƙiyasta shi wajen 5600 a ma'aunin Kelvin, fitilun fim masu jan haske kuma 3200. Kwalliyar da ta yi daidai da hantsi tana iya komawa ruwan goro da dare idan mai kyamara bai sake saita fari ba, wato ya nuna wa kyamara farar takarda a ƙarƙashin sabon hasken. Idan duk fuskokin da ke cikin hoton sun karkata launi ɗaya, laifin haske ne. Idan fuska ɗaya ce ta bambanta da wuyanta, laifin hoda ne. Da wannan kaɗai an raba gardamar da ake yawan yi tsakanin mai kwalliya da mai kyamara.

Na ƙarshe shi ne hoton fosta. A ɗauki hoto ɗaya da filasha a waya. Wasu fararen hodoji na kulle kwalliya, da wasu mayukan kariyar rana, suna mayar da hasken filasha, sai ƙasan ido ya fito fari tas alhali ido bai ga komai ba a fili. Idan haka ta faru, a kakkaɓe da buroshi, a koma hoda mai launi.

JAN-BAKI DA GYALE

Da zarar an san ruwan fata, sauran zaɓin ya zo da sauƙi. Ja ba ɗaya ba ne. Akwai ja mai karkata wajen ruwan lemo, irin na tumatir da jan bulo, wannan na masu ɗumi ne, tare da ruwan ƙasa da ruwan tagulla. Akwai ja mai karkata wajen shuɗi, irin na zoɓo da ruwan hanta, wannan na masu sanyi ne. 'Yar tsaka-tsaki tana iya shiga ko'ina, sai dai ta guji wanda ya yi tsananin karkata. Jarumar misalinmu jan bulo aka sa mata.

Abu biyu ne suke ɓata jan-baki a fim. Na ɗaya, mai launin fata wanda ya fi leɓe haske, yana sa baki ya yi kamar na mai azumi a lokacin hunturu. Maganinsa a zagaye leɓen da fensir mai ruwan ƙasa mai duhu, a murza shi ciki, musamman da yake leɓen sama ya kan fi na ƙasa duhu a wajen mata da yawa. Na biyu, ja mai ruwan lemo yana ƙara fito da ɗorawar haƙori, shi kuwa mai ruwan zoɓo yana sa haƙori ya ƙara fari a ido. Duk jarumar da za ta yi dariya a kusa da kyamara ya kamata a duba mata wannan.

Gyale da ɗankwali kuwa sun fi riga muhimmanci, domin su ne suke zagaye fuska, kuma suna watsa mata launinsu. Mai ɗumi tana fitowa a ruwan goro, ruwan ɗorawa mai duhu, ruwan zuma, ruwan madara da koren ganye. Mai sanyi tana fitowa a shuɗi mai ƙarfi, shunayya, ruwan hoda mai kauri, ruwan toka da fari fat. Sai dai fari fat yana da tarko a kyamara: idan ya cika hoton, kyamara mai saita kanta tana rage haske, fuskar mai duhu ta ƙara nutsewa. Shi ya sa ake yawan musanya shi da fari mai ɗan dushewa.

To idan labari ya tilasta launin da bai dace ba fa? A ce leshin da furodusa ya riga ya saya wa amaryar nan ruwan hoda ne da adon azurfa, alhali ita mai ɗumi ce. Ba sai an jefar da leshin ba. Abin da ya taɓa fuska kawai za a canza. A ba ta mayafi mai ruwan hoda da ya karkata wajen lemo, a sa mata ɗan kunne da sarƙar zinare, a bar azurfar a jikin zane can nesa da fuska. Da ɗan kuɗi kaɗan kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

SAURAN IDO

Mafi yawan Hausawa idonsu ruwan ƙasa ne mai duhu, wanda daga nesa ake ce masa baƙi. A haska shi da fitila za a ga ba baƙi ba ne. Akan kuma samu masu ruwan zuma, da 'yan ƙalilan masu ɗan kore-kore da ake ce wa idon mage. Yawan melanin da ke cikin ƙwayar idon ne yake kawo bambancin.

A wajen hoda ana neman launin da zai ɓace ne. A wajen ido kuwa ana neman wanda zai sa ƙwayar ta fito, kuma abin da ke fito da launi shi ne kishiyarsa. Kishiyar ruwan ƙasa ita ce shuɗi, don haka siririn layi na shuɗi mai duhu a bakin fatar ido yana fito da ruwan ƙasan da ke ɓoye. Ido mai ruwan zuma yana ƙara haske kusa da shunayya. Mai kore-kore yana son ruwan hanta da ruwan tagulla, domin ja ne kishiyar kore.

Wani zai ce, to idan ido yana son shuɗi, fata kuma mai ɗumi ce, wa za a bi? Ƙa'idar ita ce babban fili na fata ne, ƙaramin layi na ido. Wato fatar idon a shafe ta da launin da ya bi ruwan fata, kamar tagulla ko zinare ga mai ɗumi, ruwan toka ko shunayya mai duhu ga mai sanyi, sannan a ja kishiyar a siririn layi. Haka aka yi wa amaryar misalinmu: tagulla a sama, layin shuɗi mai duhu a bakin ido.

Kada a manta da farin ido. 'Yar wasan da ta kwana tana aiki, ko wadda aka sa wa abin hawaye, idonta zai yi ja. Duk wani launi mai ja ko ruwan hoda a kusa da shi ƙara tona shi zai yi, shuɗi mai duhu kuwa yana ɗan ɓoye shi. Game da gilashin ido na sakawa da amare da 'yan fim suke yayi, ruwan zuma ya fi zama a fata mai ɗumi, ruwan toka a mai sanyi, shuɗi mai haske kuwa a kusa da kyamara kowa ya san na saye ne. Kuma abu ne da ke zama a kan ƙwayar ido, don haka ba a aronsa, ba a kwana da shi, ba a wanke shi da ruwan famfo, sannan gara a bi ta hannun likitan ido. Shi ma kwalli na dutse a yi hattara da shi. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da ya kamu da gubar dalma, aka gano tana cikin kwallin da aka kai masa daga Nijeriya, wanda sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

INDA ƘA'IDAR TA TSAYA

Rabon nan uku ba ya ɗauke kowa. Akwai masu fata mai ɗan kore-kore, irin ta zaitun, waɗanda hodar ɗumi ke yi musu lemo, ta sanyi kuma ta yi musu ja. Irin waɗannan sai an haɗa musu, yawanci daga tsaka-tsaki. Akwai kuma wadda ta shafa man bilicin. Fuskarta ta yi ja-ja saboda fatar ta yi siriri jini ya fito, wuya da gaɓoɓin yatsu kuwa suna nan da duhunsu. A irin wannan hali fuska ba ta faɗin gaskiya, sai a karanta ruwan daga ƙirji ko cikin damtse, a kuma daidaita hodar da wuya, tunda shi kyamara za ta haɗa da fuskar a hoto ɗaya.

Su ma maza 'yan wasa abin ya shafe su. Hodar da ake buga wa jarumi don kashe ƙyallin goshi, idan ɗaya ce ake zagayawa da ita kan kowa a lokeshin, dole wani ya fito toka-toka. Mafi ƙaranci a ajiye uku, mai haske, matsakaiciya da mai duhu, kowa kuma da sosonsa saboda ƙuraje.

Saboda haka kira ga furodusoshi shi ne su ware rabin awa kafin ranar ɗauka domin gwajin fuskar manyan 'yan wasansu, a rubuta lambobin a ajiye tare da sikirif. Su kuma jarumai mata, kowace ta san ruwan fatarta da lambar hodarta kamar yadda ta san lambar takalminta, ta riƙa zuwa lokeshin da tata a jaka. A fitowa ta gaba filin zai duba yadda ake sa kwalliya ta jure gumin watan Afrilu ba tare da ta tsage ba.